Cibiyar nauyin kon da ta rabin ƙwallo: daga ina 1/4 da 3/8 suka fito?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a sashen injiniya a nan Bauchi. Na nemi cibiyar nauyin kon marar rami a ciki, na samu h/3, amma littafi ya ce h/4, wani kuma ya ce 3h/4. Na rabin ƙwallo kuwa 3r/8 na haddace kawai, ban san asalinsa ba. A taimaka."

Wa'alaikumus salam ƙanena. Littattafan nan biyu ba su saɓa wa juna ba, a duka biyun h tsayin kon ɗin ne. Ɗaya ya auna daga gindin kon ɗin zuwa sama, ɗayan ya auna daga tsininsa zuwa ƙasa, wuri ɗaya suke nunawa. Taka h/3 kuwa amsar alwatika ce, wato abu shimfiɗaɗɗe kamar kwali. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai a wannan darasi, kuma duk shekara sai ta fito, domin a kan allo kon da alwatika kamarsu ɗaya.

Tunda duka siffofin biyu daidai suke ta kowane gefe idan ka zagaya layin da ya ratsa tsakiyarsu, cibiyar tana kan wannan layin. Nisa ɗaya tak ya rage ka nema.

Ka sayi kankana a kasuwar Muda Lawal, ka raba ta biyu, ka riƙa yanka rabin siriri siriri daidai da fuskar da ka fara yankawa. Kowane yanki faifai ne, na farko mai faɗi, na ƙarshe ɗan mitsitsi. Aikin ke nan gaba ɗaya: ka ninka girman kowane faifai da nisansa daga inda ka fara awo, ka tara, ka raba da girman abin duka. Idan rediyos ɗin faifai y ne, kaurinsa dx, to girmansa πy²dx ne. Ka lura da wannan y². A alwatika yankin tsiri ne mai faɗin 2y, a kon kuwa faifai ne, don haka idan rediyos ya ragu da rabi nauyin faifan yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Nauyin ya fi taruwa a gindi, shi ya sa cibiyar ta sauko ƙasa da ta alwatika.

A kon, ina ba ɗalibai shawara su sa sifiri a tsini, don lissafin ya fi sauƙi. A nisan x daga tsini, y = rx/h, inda r shi ne rediyos ɗin gindin kon ɗin.

```
∫ x·π(r²x²/h²) dx,  x: 0 → h   = πr²h²/4
V = πr²h/3
x̄ = (πr²h²/4) ÷ (πr²h/3) = 3h/4
```

Daga tsini 3h/4, daga gindi h/4. Ka ga r ya ɓace a amsar. Kon siriri da mai faɗin gindi, muddin tsayinsu ɗaya, cibiyarsu a tsayi ɗaya take. Idan ka ƙare lissafi ka ga r a amsarka, akwai inda ka zame.

A rabin ƙwallo kuma ka sa sifiri a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar fuskar. Layi daga nan zuwa bakin kowane faifai tsawonsa r ne, don haka dokar Pythagoras ta ba ka y² = r² − x².

```
∫ x·π(r² − x²) dx,  x: 0 → r   = π(r⁴/2 − r⁴/4) = πr⁴/4
V = 2πr³/3
x̄ = (πr⁴/4) ÷ (2πr³/3) = 3r/8
```

Daga fuskar 3r/8, daga ƙoƙon bayan 5r/8. Archimedes, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya riga ya gano cewa cibiyar tana raba layin kashi 3 da kashi 5, ta hanyar ɗora irin waɗannan yankuna a ma'auni, tun ba a san intigireshan ba.

Kafin ka rubuta komai a jarrabawa, ka karanta tambayar da kyau ka ga ko abin cike yake ko holoƙo. Rabin ƙwallo holoƙo, irin ƙwarya, cibiyarsa r/2 ce. Kon holoƙo marar murfin gindi, h/3 daga gindi. Rabin da'ira na kwali kuwa 4r/3π. Hanya mai sauƙi ta kama kanka: 3/8 shi ne 0.375, r/2 shi ne 0.5, kuma dole na cikakke ya fi kusa da fuskar, domin naman ciki ya fi yawa a wajen fuskar.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne zaton cewa idan ka yanka abu ta cibiyarsa, nauyin sama da na ƙasa za su zo daidai. Ba haka ba ne. Yanka kon a h/4 daga gindi, ɓangaren sama ƙaramin kon ne mai tsayin 3h/4, girmansa (3/4)³ = 27/64, kusan kashi 42 cikin ɗari. Ya fi sauƙi, amma ya fi nisa, nisan ne ya cike masa giɓin. Nauyi sau nisa ne ke daidaita, ba nauyi kaɗai ba.

To ga irin tambayar da malamai suka fi so, inda ake manna gindin kon a fuskar rabin ƙwallo, duka na katako iri ɗaya. A ce r santimita 6 ne, h santimita 12. Sa sifiri a mahaɗarsu, ɓangaren kon ya zama +, na rabin ƙwallo ya zama −. Girman rabin ƙwallon 144π, cibiyarsa a −2.25. Girman kon ɗin ma 144π, cibiyarsa a +3.

```
x̄ = (144π×3 − 144π×2.25) ÷ 288π = +0.375
```

Cibiyar ta faɗa cikin kon ɗin, santimita 0.375 sama da mahaɗa. Masu mance alamar − sukan samu 2.625, su wuce abinsu. Da sun tsaya sun duba, da sun ga abu biyu masu nauyi ɗaya, cibiyarsu dole ta zauna a tsakiyar −2.25 da +3, ba ta manne da gefe ɗaya ba.

Wannan ɗan 0.375 shi ke nuna ko abin zai tsaya. Idan ka ajiye shi a tebur kan zagayayyen bayansa, duk yadda ya karkata, turin da tebur ke yi masa yana bi ta tsakiyar mahaɗar ne, kuma wannan tsakiyar kullum tsayinta r ne daga tebur. In cibiyar nauyi tana ƙasa da ita, ka ture shi ya dawo ya miƙe. In tana sama, da ka taɓa shi ya kwanta. Namu zai kwanta. Rage h zuwa santimita 8: girman kon ya koma 96π, cibiyarsa +2, amsa ta zama (192 − 324) ÷ 240 = −0.55. Wannan zai yi ta rangaji ya dawo.

Iyakar tana inda πr²h²/12 ya yi daidai da πr⁴/4, wato h = r√3, wanda a misalinmu kusan santimita 10.4 ne. A daidai nan, duk yadda ka karkata shi a kan zagayayyen bayansa haka zai zauna.

Idan tambayar ta ce kon ɗin katako ne, rabin ƙwallon ƙarfe, to ka ninka girman kowanne da dansitinsa kafin ka tara, domin h/4 da 3r/8 suna nan yadda suke ga kowane ɓangare, amma r√3 ba ta aiki a nan. Gwada r = 6, h = 12, ƙarfen ya ninka katakon sau goma a nauyi, ka turo abin da ka samu mu duba tare.