Na ji daɗin haɗuwarmu, amma ba na so ya ɗauka na amince

Anti, barka da aiki. Jiya da yamma na fita da wani saurayi a karon farko, ƙawata ce ta haɗa mu. Gaskiya na ji daɗin zaman. Yana da natsuwa, yana sauraro, kuma ya ba ni dariya sosai da labarin yadda ya kwance rediyon mahaifinsa yana yaro ya kasa mayar da ita. Da na koma gida ya turo "Kin isa lafiya?" na ce "Lafiya lau", daga nan shiru har yanzu. Ina so ya san na ji daɗi, kuma zan so mu sake haɗuwa, amma ban gama saninsa ba, ba na so ya ɗauka na riga na amince. Ga abin da na rubuta na kasa turawa: "Wallahi jiya ce rana mafi daɗi da na yi a bana. Ban taɓa haɗuwa da mutum irinka ba. Na ƙosa mu sake haɗuwa, duk lokacin da ka ce ina nan. Ni ya ka gan ni?" In na goge wannan kuma sai in rasa abin cewa ban da "Na gode". Me zan rubuta, Anti?

Daga wata 'yarki

'Yata, gara da hannunki ya ƙi danna wannan saƙon. Amma kada ki goge shi tukuna, ajiye shi a gabanki mu bi shi layi-layi, domin in kin gane inda ya zarce, ba za ki sake buƙatar kowa ya rubuta miki irinsa ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, saƙon bayan haɗuwar farko a kan zaman jiya yake magana, ba a kan mutumin gaba ɗaya ba, ba kuma a kan abin da za ku zama gobe ba. Zaman jiya kin san shi, kina wurin, duk abin da kika faɗa a kansa gaskiya ce da za ki iya tsayawa a kanta ko da wata uku nan gaba kin gano ba ku dace ba. Shi kuwa mutumin, 'yan awoyi kawai kika gan shi, cikin kayansa masu kyau da halinsa na ranar farko.

To dubi layinki na farko. Kin rantse, sannan kin ɗora ranar a kan duk ranakun shekara. Wataƙila haka kike ji a daren nan, ban musa ba. Amma wanda ya karanta zai ga an ba shi matsayin da bai yi aikin samunsa ba, kuma ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko ya tsorata ya ja baya, ko ya miƙe ƙafa ya ɗauka an gama. Layi na biyu ya fi nauyi, don hukunci ne a kan halinsa kacokan. Idan kika ce ba ki taɓa ganin irinsa ba, ranar da kika so ki ce "bari in yi tunani" zai tuna miki da bakinki. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta, tana nan zaune a wayarsa yana iya komawa ya karanta ta sau goma. Ko kin goge ta a WhatsApp, alamar an goge saƙo tana nan, kuma wataƙila ya riga ya gani.

Layi na uku shi ne wanda ya fi damuna. "Duk lokacin da ka ce ina nan" kyauta ce ta lokacinki gaba ɗaya ga wanda bai ma tambaya ba. Kina da aiki ko karatu, kina da mutanenki, kina da ranakun da ba ki son fita. Faɗin cewa kina so a sake haɗuwa daban, miƙa masa dukkan makonki daban. Tambayar ƙarshen kuwa, ki cire ta ko da za ki bar sauran. Tana tilasta masa ya yanke hukunci a kanki nan take, kuma duk amsar da ya bayar ba za ta amfane ki ba. In ya yabe ki, ba ki sani ba ko kunya ce ta sa. In ya yi jinkiri, kin kwana da zulumi. Yadda ya gan ki zai fito da kansa a cikin abin da zai yi a kwanaki masu zuwa.

Sai dai kada tsoron zarcewa ya kai ki ɗaya gefen. "Na gode" tsurarta, abin da ake ce wa wanda ya miƙo miki jakarki da ta faɗi ne. Kuma ki lura da wani abu da nake zaton ya wuce ki: shi ya turo saƙon ƙarshe mai tambaya, ke kika rufe da kalma biyu. Shirun da kike gani ba lallai ne rashin sha'awa ba. Mai yiwuwa yana can yana kallon "Lafiya lau" ɗinki yana tunanin zaman bai yi miki ba, kuma mutum mai natsuwa irin wanda kika kwatanta ba ya son cusa kai. Don haka kada ki zauna jiran wa zai fara. Fara turawa ba ya rage miki daraja, abin da kika rubuta ne ake aunawa.

Ga irin abin da zan so ki tura:

"Barka da yamma. Na gode da jiya, na ji daɗin hirarmu sosai. Har yanzu in na tuna labarin rediyon nan sai na yi dariya. In an samu lokaci a mako mai zuwa, zan so in ji yadda ta ƙare tsakaninka da Baba."

Ki duba abin da ke ciki. Akwai godiya, kuma jin daɗin an jingina shi ga hirar, ba ga shi kansa ba. Akwai rediyon, wadda ita ce ke ɗauke da duk ɗumin saƙon. Na fi son abu guda ƙarami irin wannan a kan yabo goma, saboda yabo kowa na iya turawa kowa, amma ambaton labarin da ya ba ki yana nuna kin saurare shi har kin tafi gida da abin. Mutum ya fi jin daɗin a tuna maganarsa fiye da a ce masa yana da kirki. Kuma ya samu abin da zai amsa da shi ba tare da ya shiga maganar zuciya ba, zai iya ci gaba da labarin kawai. Layin ƙarshe ya faɗi cewa kina so a sake zama, amma zama ɗaya, a cikin mako guda, da sharaɗin samun lokaci. Ba ki yi alkawarin komai bayan wannan ba. In ya kawo ranar da ba ta yi miki ba, kina da damar ki ce ba ta yi ba, ki kawo wata.

Kada ki kwafe shi harafi da harafi. Ki sa shi a bakinki, yadda kika yi masa magana jiya, don in rubutunki ya bambanta da muryar da ya ji zai gane an taya ki. Amma ki tsare tsawonsa: layi uku ko huɗu, a saƙo guda, ba guntu-guntu shida a jere ba. Ki kira shi da sunan da kika kira shi jiya, ban da sunayen shagwaɓa. In za ki sa alama, fuskar murmushi guda ta isa, ki bar jar zuciya, domin tana faɗin abin da kika ƙi faɗa da kalmomi. Saƙon murya ma ki bar shi zuwa gaba. Da wuya mutum ya tsaya a jimla uku in ya fara magana, kuma murya tana fallasa zumuɗin da kike ƙoƙarin rufewa.

Game da lokaci, ki tura yau, kafin dare ya yi nisa. Masu cewa a jira kwana uku don kada a ga an ƙosa, ban taɓa yarda da su ba. Jiran ba ya ƙara wa kowa kwarjini, sanyaya abin kawai yake yi, har labarin rediyon ya tsufa. Abin da za ki guje wa shi ne tsakar dare, domin saƙon ƙarfe ɗaya na dare ko me ya ƙunsa yana cewa "na kasa barci saboda kai".

Kin tura, sai ki ajiye wayar. Na san wannan ne mai wuyar. Alamar an karanta ba ta gaya miki komai sai cewa an buɗe saƙon, kuma mutum na iya buɗewa yana tsakiyar aiki ya bari sai ya natsu. Kada ki bi shi da "Ka gani?" ko "Ko na yi laifi ne?". Saƙo na biyu irin wannan yana rushe duk natsuwar na farko.

Amsarsa ki auna ta da abin da ta ƙunsa, ba da saurin zuwanta ba. In ya ɗauki zancen ya ƙara nasa, ya tambaye ki wani abu, ko ya ambaci rana, yana so. In ya ce "Ni ma na ji daɗi" ya tsaya nan, ki bar shi haka, kin yi naki, sauran motsin nasa ne. In kwana biyu ko uku suka wuce babu ko kalma, ki ɗauki shirun a matsayin amsa, kuma a nan za ki ga amfanin saƙon da kika zaɓa: babu layi ɗaya a cikinsa da za ki ji kunyar an karanta.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, wanda nake ganin zai iya faruwa. Yana iya jin ɗumin saƙonki ya yi tsalle gaba, ya dawo miki da "na kamu da sonki" ko ya fara lissafin rayuwarku tare. Kada kunya ta sa ki mayar masa da irinta, kada kuma ki ɓace masa. Ki ce: "Na ji daɗin jin haka. Ni dai ina so mu san juna a hankali, mu sake zama mu gani." Sai ki lura da yadda ya karɓa. In ya ce to, ya rage gudu, ki sa masa ranar sake haɗuwa. In ya yi fushi ko ya dage sai kin faɗi matsayinsa a wurinki bayan zama ɗaya, ki dakatar da haɗuwa ta biyun har sai kin ga ya iya jin "ba yanzu ba" daga bakinki.

Antinki