Niyasinamayid da asid: ki daina sayar da su rana ɗaya

"Malama, kayan gyaran fata nake sayarwa a Sabon Gari, Kano. Ina haɗa wa mata siram na niyasinamayid da tona mai asid ɗin gilaikolik. Mata biyu sun dawo fuska na raɗaɗi, har na mayar wa ɗaya kuɗinta. Ba sa haɗuwa ne, ko in daina saro ɗaya?"

Hajiya, kada ki daina saro ko ɗaya, suna haɗuwa. Niyasinamayid nau'in bitamin B3 ne. Yana rage maiƙon fuska, yana dusashe tabon da ƙuraje suka bari, yana kuma taimaka wa fata riƙe danshi. Ba bilicin ba ne, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin tabo ya fara ja baya. Ki faɗa wa mai saye haka tun kafin ta ciro kuɗi.

Maganar da ake yayatawa cewa asid na lalata shi tana da tushe, amma sai an cakuɗa su wuri ɗaya sun daɗe cikin zafi. Don haka kada ki taɓa juye su a kwalba guda, irin haɗin nan da ake yi a shago. Shafa ɗaya bayan ɗaya ba ya kawo wannan.

Abin da na fi zargi shi ne yawa. Siram ɗin da ya cika kasuwa kashi 10 cikin ɗari ne, alhali kashi 2 zuwa 5 ya wadatar. Mace ta ɗora shi kan gilaikolik kullum, ga hunturu, wataƙila ga fatar da man bilicin ya riga ya sirantar, dole ta ji a jikinta. Alamarsa fuska ta riƙa sheƙi tana ɗaurewa, gefen hanci na saɓa, ko ruwan alwala ya taɓa sai zafi. Irin wannan ta ajiye komai sai man danshi, in kuma akwai kumburi ta ga likitan fata.

Ki fara sayar mata da siram kaɗai, ɗigo 3 safe da dare. Kwalbar mililita 30 za ta kai ta wajen wata uku. Bayan mako biyu, in fata lafiya, ta dawo ta karɓi asid, dare biyu a mako. A daren, asid ne farko, ya bushe, sai siram, sai mai. Da safe man kariyar rana, domin gilaikolik na sa rana ta fi kama fata. Asid ɗin hayaluronik mai riƙe danshi kuwa, sunan asid kawai ya ci, ba ya ɓare fata, kullum ma a haɗa.

A ce tona ₦8,000 ce, ribarki ₦1,600. Kwalba ɗaya da kika mayar da kuɗinta an riga an buɗe ta cinye ribar wasu kwalabe huɗu, ban da maganar da matar za ta kai gidan biki. Kafin ki miƙa asid, ki tambaye ta wane mai take shafawa yanzu.