Tambayi Likita: Gyaran Miya Tana Kan Wuta

Salam likita, daga Jekadafari nake. Maigidana yana da hawan jini, ni kuma miyar dage-dage ta yawanci ruwa-ruwa take fitowa, sai in barta a wuta har ta ƙone ruwan. Yana cewa gishiri ya yi yawa alhali ban ƙara ba. Ya zan yi?

Wa'alaikumussalam Hajiya, maigida gaskiya ya faɗa, ke ma gaskiya kika faɗa. Ruwa ne yake tafiya da tururi, gishiri da magi suna nan a tukunya ba inda suka je. A ce kin ɗora miya cike da tukunya kin sa mata gishirin da ya dace da cikar tukunyar, sai kika barta ta ƙone ta koma rabi, toh kinga kowane ludayi yanzu gishirin ludayi biyu ne a cikinsa, shi kuma maigida ludayi biyun da ya saba shi za ki zuba masa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin biredi da magi, shi magin nan kuwa kusan rabinsa gishiri ne.

Saboda haka ki canza tsari. Gishiri da magi su zama na ƙarshe, bayan miyar ta kai kaurin da kike so, sannan ki ɗanɗana ki sa kaɗan. Tun farko kuma ki tafasa markaɗen kayan miyan shi kaɗai ba mai, tukunya a buɗe, har ruwan ya tsotse, musamman lokacin da tumatir ya yi araha a kasuwa ana kawo manya masu ruwan nan. Murfi shi ke mayar miki da ruwan cikin miya, in tukunyar mai faɗi ce ma ta fi saurin ƙonewa.

In kuwa kin riga kin sa gishirin kafin ki lura ruwa ya yi yawa, kar ki ƙone ta, ki ƙara mata jiki. Ki dafa kabewa yanka biyu ko uku ki murƙushe ki zuba, ko ki ɗebi niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali biyu na cin abinci ki dama a kwano da ruwan miyar har ta narke sannan ki juye, ki rage wuta ki ba ta minti 10 kina juyawa don gyaɗa akwai kamun ƙasan tukunya. Gyaɗar dai ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi baƙi ki zubar, gubar da ke cikinta hanta take taɓawa kuma dahuwa ba ta kashe ta. Wasu suna tambayata, in da fulawa za a ƙara wa miyar jiki fa ga mai ciwon suga. Cokali ɗaya a tukunyar mutum shida ba shi zai tayar da suga ba, malmalar tuwon da ke gefe ita ce abin dubawa, amma ni kabewa na fi so don ta fi amfani a jiki.

Likita ni gwauro ne a Tumfure, da kaina nake girki. In na yi miya mai sai ya taso sama, in na ci da dare ƙirjina ya kama zafi har ruwa mai tsami ya taso min. Abokina ya ce in zuba agushi ya shanye man.

Malam, shawarar abokinka ido kawai za ta gyara wa. Agushi zai haɗe da man ka daina ganinsa, amma man yana nan kuma cikinka zai shiga, ga shi agushin kansa kusan rabinsa mai ne, kaga ƙari ka yi kenan. Haka gyaɗa. Man da ya yi yawa fitar da shi ake yi.

Ka janye itace ko ka kashe gas, ka bar tukunyar ta natsu kamar minti 5 ba juyawa, saboda muddin tana tafasa man yana cakuɗe da ruwa. Sai ka ɗan karkata ta, man zai taru gefe guda, ka sa cokali ka riƙa kwalfewa a hankali kana zubawa a kofi. In kana da ƙanƙara ka cika ludayin ƙarfe da ita ka goga bayansa a saman miyar, man zai daskare ya manne ka goge, wannan ya fi ci da manja da kitsen nama, man gyaɗa ba ya saurin daskarewa. Mai cokali ɗaya na cin abinci kalori wajen 120 ne, in ka kwashe cokali biyar kaga ka rage wa tukunyar 600, ba ƙaramin abu ba ne. Na san mai ya yi tsada ba zan ce ka zubar ba, ka rufe shi a wuri mai sanyi ka yi miyar gobe da shi, kar dai ya daɗe don akwai ruwan nama a ciki.

Dalilin zafin ƙirjin kuwa, maiƙo yana sa abinci ya daɗe a ciki, yana kuma sassauta bakin da ke tsakanin maƙoshi da tumbi sai ruwan tsamin ya samu hanyar hawowa, in aka haɗa da attaruhu da kwanciya nan take abin ya fi tsanani. Ka bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. Amma dan Allah ka kula da wannan: in ciwon a gefen dama yake ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo yana sukar baya ko kafaɗa, ko idonka ya yi rawaya, ka je a yi maka sikanin a duba tsakuwar matsarmama. In kuma ƙirjin dannewa yake yi da gumi da sarƙewar numfashi, a daren za ka tafi asibiti, kar ka zauna kana cewa olsa ce.

Iyaye mata da ke karantawa, ban ce a kwashe wa yara man tas ba. Yaro ƙarami cikinsa kaɗan ne yana buƙatar maiƙo, manja kuma yana ba shi bitamin A.

Likita daga Kumo, miyar kukata tana yin kauri kamar tuwo, surukata ta ce in ƙara ruwan kanwa ta saki.

'Yar uwa, a gaida Mama, amma a nan kam ruwan zafi ne magani. Kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ba su son yawanta, tana kuma lalata wasu bitamin na abinci. Ki tafasa ruwa a gefe ki riƙa zuba rabin kofi kina burgawa da maburgi, ki tsaya ki gani kafin ki ƙara. In ruwan randa kika zuba dole miyar ta sake tafasa sosai kafin a ci, saboda taifot da gudawa. Kuka tana ƙara kauri in ta huce, don haka ki sauke ta tun tana zuba daga ludayi da ɗan sauri. In kin ji ƙauri ƙasan ya kama kar ki kankare, ki juye ta a wata tukunya sannan ki ƙara ruwan, kuma ki ɗanɗana tukuna kafin hannunki ya kai ga magi.