Me Zan Sa a Madadin "Ya Ce" da "Ta Ce"?

"Assalamu alaikum. Ni sabuwar marubuciya ce, na kammala wani gajeren labari, amma da na sake karanta shi sai na ga 'ya ce' da 'ta ce' sun cika shi maƙil. Don Allah waɗanne kalmomi zan sa a madadinsu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina duba wa 'yan'uwa marubuta labaransu kafin su fitar, kuma abin da na lura da shi shi ne, gyaran da ake yi wa wannan matsala ya fi ita kanta ɓata labari. Da zarar marubuci ya ƙosa da "ya ce", sai ya koma ga "ya bayyana cewa", "ta jaddada", "ya ƙara da cewa", alhali kuwa waɗannan kalmomin ɗakin labarai ne, da su ake ruwaito jawabin gwamna a rediyo. Uwar da ke yi wa 'yarta faɗa a tsakar gida ba ta jaddada komai, faɗa take yi.

A Hausa ba a cika ture "ce" daga gurbinsa ba, sai dai a gabatar masa da wani aikin da mai magana ya yi, shi kuma ya biyo baya. Shi ya sa muke cewa ya nisa ya ce, ta taɓe baki ta ce, ya yi gyaran murya ya ce, ta marairaice ta ce. Saboda haka sabon abin da kike nema yana cikin aikin farko ne, kuma kowanne da ma'anarsa, ba a musanya su yadda aka ga dama. Wanda ya nisa yana da abin da ya yi masa nauyi a zuciya, wadda ta tari numfashin wani ta shiga maganarsa tun bai dire ba, wadda ta yi caraf kuwa dama jiran kafa take yi.

Ga misali daga shagon tela ana jajibirin Sallah, yadda na saba ganin irinsa a rubutun farko:

Hajiya ta tambaya cikin fushi, "Ina ɗinkina?" Tela ya bayyana cewa, "Saura kaɗan, Hajiya." Hajiya ta jaddada cikin ɓacin rai, "Haka ka ce mini tun kafin azumi."

Ga shi kuma bayan gyara:

Hajiya ta tsaya daga bakin ƙofa, ko sallama ba ta yi ba. "Ina ɗinkina?"
Tela bai ɗago daga kan keke ba ya ce, "Saura kaɗan, Hajiya."
"Haka ka ce mini tun kafin azumi."
Ya sosa ƙeya. "Wallahi wuta ce ba a kawo ba."
Ta ja tsaki, ta miƙa hannu. "Ba ni atamfata."

Ki lura cewa a layi biyar sau ɗaya kawai mai ba da labari ya yi amfani da "ya ce", kuma ba a rubuta kalmar fushi ba, domin rashin sallamar ya isar da saƙon ga duk wanda ya san al'adarmu. Layi na uku ba shi da rakiya sam, tunda mutum biyu ne a shagon kuma maganar da kanta ta nuna mai ita. Idan masu magana sun kai uku ko huɗu, to dole a riƙa ambaton suna akai-akai, kuma a nan "in ji" yana da amfani, musamman a tsakiyar zance: "Ku yi haƙuri," in ji maƙwabcin tela, "gobe da safe zai gama."

Akwai 'yan aikatau da ke iya tsayawa su kaɗai, kamar ta raɗa masa, ya daka mata tsawa, ya amsa, amma a ajiye su sai inda ƙarfin murya ya sauya da gaske. Haka kuma tsaki da harara da ajiyar zuciya su ma suna gundura idan aka yawaita su. Ina yawan cin karo da jarumar da ke sauke ajiyar zuciya a kowane shafi, har ta kai idan babban tashin hankalin ya zo ba ta da sauran abin yi. Wannan ya fi muhimmanci a gajeren labari, inda wuri ya yi ƙaranci. A gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kalma 1,000 zuwa 1,500 ake nema, don haka duk "cikin tsananin ɓacin rai" da kika rubuta kalma huɗu ce kika rage wa labarin.

Hanyar da nake bi wajen tantancewa ita ce in sa wani ya karanta mini hirar da ƙarfi, ya tsallake duk rakiyar. Inda na rasa gane mai magana, sai a mayar da "ya ce" ko suna. Inda na gane mai magana amma ban ji halin da yake ciki ba, to maganar da ke cikin alamar zance ita ce ke da rauni, kuma ita za ki sake rubutawa kafin ki taɓa aikatau ɗin da ke gabanta.