IRR ɗaya, amsa biyu

"Jama'a, na lissafa IRR na aikin haƙar tsakuwa, Excel ya ba ni 10%, da na canza guess sai ga 40%. Wanne ne daidai?"

Malam, duka biyun daidai ne. IRR shi ne kason riba da ke mayar da NPV, wato darajar duk kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita idan an auna su a yau, zuwa sifili. A ce ka zuba dubu 1,000 yau, ka samu 2,500 baɗi, bayan shekara biyu ka kashe 1,540 wajen cike ramin. Kuɗi sun fita, sun shigo, sun sake fita: alama ta juya sau biyu ke nan. Sanya x = 1 + r, inda r shi ne IRR ɗin, lissafin zai zama:

1000x² − 2500x + 1540 = 0

Wannan kuwa amsa biyu gare shi, 1.1 da 1.4, wato r na 10% da 40%. Kowane juyin alama na iya ƙaro amsa guda, shi kuma Excel ɗaya kawai yake nunawa, galibi mafi kusa da guess ɗinka, wato hasashen da ka ba shi ya fara lissafi da shi.

Tsakanin 10% da 40% ne kaɗai NPV ke sama da sifili. Sai ka lissafa shi da ainihin tsadar jarinka. A 25% ribar dubu 14.4 ce kacal.