Haruffa biyu a takardar hayar shago, naira 450,000 a tsakani

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da lemo da kayan masarufi a Agege, na kuma samu shago a wata sabuwar filaza. Takardar ta ce haya naira 1,800,000 *per annum*, kuɗin gadi da shara da janareta naira 150,000 *biannual*, ƙarin haya kashi 10 cikin ɗari *biennial*, har tsawon *decade* guda. Ejan ya ce min kuɗin gadin duk bayan shekara biyu ne, yarona da ya yi boko ya ce sau biyu ne a shekara. Ga kuma dilan da zai ba ni firiza biyu bashi, ya rubuto min naira 80,000 *fortnightly* na shekara ɗaya, ni dai na ɗauka sau biyu a wata ke nan. Wa ke da gaskiya? In sa hannu?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka ne da gaskiya, amma dakata da sa hannu tukuna, domin gaskiyar tasa ba ta raba gardamar ba.

*Biannual* sau biyu ne a shekara, wato duk wata shida. *Biennial* kuwa sau ɗaya ne a shekara biyu. Mutane kan ɗauka ratar da ke tsakaninsu ninki biyu ce, alhali ninki huɗu ce. Ɗauki shekara biyu ka auna. A fahimtar ejan, sau ɗaya za ka biya, naira 150,000. A yadda takardar take yanzu, sau huɗu za ka biya, naira 600,000. Ka ga naira 450,000 ke nan tsakanin abin da aka faɗa maka da baki da abin da kake shirin sa wa hannu, kuma haka zai riƙa maimaituwa duk shekara biyu har hayar ta ƙare.

Ban ce ejan ya yi niyyar cutar ka ba. Waɗannan kalmomi biyu har masu buga takardu a ofisoshin lauyoyi suna ruɗa su, kuma in mutum ya furta su da sauri a cikin hayaniyar kasuwa, kunne ba ya raba su. Akwai dabarar da ake koya wa ɗalibai: in ka ga kalmar *annual* cikakkiya a zaune bayan *bi*, to cikin shekara guda ake magana, a raba ta biyu, in kuwa ka ga harafin e ya shigo tsakiya, shekara biyu ake haɗawa. Dabarar tana da amfani wajen karatu. Abin da ba za ta gaya maka ba shi ne ko wanda ya buga takardar ya buga abin da mai filazar yake nufi. Yana iya nufin shekara biyu a buga masa wata shida, yana iya nufin wata shida ejan ya sassauta maganar don ciniki ya faɗa ya karɓi kamashonsa. Ranar da rigima ta tashi, ejan ba ya nan, kotu kuma abin da ke rubuce take fara dubawa, da wuya ta bar maganar baki ta sauya shi.

In da a ce tambayata za ka yi wanne na fi zato, zan ce wata shida. Gadi da shara da man janareta abubuwa ne da ake kashe wa kuɗi kullum. Naira 150,000 a shekara biyu ya kama naira 6,250 a wata, kuma kai ma ka san wannan ba ya riƙe janareta a Legas. A wata shida kuwa naira 25,000 ne a wata, wanda ya fi kama da hankali. Amma kada ka tsaya a zato na. Ka shiga filazar da kanka, ka gaisa da mutum biyu ko uku da suka riga ka kama shago, ka roƙi ganin rasit ɗinsu na kuɗin gadi. Kwanan watan da ke jikin rasit biyu a jere zai gaya maka abin da ake yi a zahiri.

Sai batun ƙarin haya, inda kalmar da aka rubuta ta fi dacewa da aljihunka, don haka nan ne ya kamata ka fi tsare ta. *Decade* shekara goma ce cif. In ƙarin duk shekara biyu ne, za a ƙara maka sau huɗu a cikin goman nan: farkon shekara ta uku, ta biyar, ta bakwai da ta tara. In kowane ƙari a kan sabon farashi ake ɗora shi, hayar za ta tashi daga 1,800,000 zuwa 1,980,000, sai 2,178,000, sai 2,395,800, ta ƙare a 2,635,380. Yanzu ka ɗauka wani ya zo daga baya ya ce ai kuskuren bugu ne, *annual* ake nufi, duk shekara. Ƙari tara ke nan maimakon huɗu, kuma hayar shekara ta goma za ta haura naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu. Shagon bai ƙara faɗi ba, amma ratar shekarar ƙarshe kaɗai ta wuce miliyan ɗaya da rabi. Akwai kuma wata tambaya da takardar taka ba ta amsa ba, a yadda ka kawo ta: kashi goman nan, na hayar farko ne ko na wadda ake kai? In na farko ne, naira 180,000 za a riƙa ƙarawa kowane karo, ka ƙare a 2,520,000. A sa a rubuta wanne ne.

Tunda shekara goma ake magana, wannan ba takardar da za ku gama a kan benci da ejan ba ce. Hayar da ta haura shekara uku tana da nata ƙa'idojin rubutawa da rajista, don haka ka nemi lauya naka na kanka, ba na mai filaza ba. Kuɗinsa ba zai kai abin da muka lissafa a sama ba.

Mu koma ga dila, domin a nan ne na fi ganin 'yan kasuwa suna shiga matsi ba tare da sun san dalili ba. *Fortnight* kwana goma sha huɗu ne, mako biyu, ba rabin wata ba. Da jin su kamar abu ɗaya, amma wata ya fi mako huɗu da kwana biyu ko uku, in ban da Fabrairu, kuma waɗannan 'yan kwanakin suna taruwa. Shekara tana da mako 52, saboda haka biyan duk mako biyu sau 26 ne. Sau biyu a wata kuwa sau 24 ne. A naira 80,000, lissafin da ke ranka shi ne 1,920,000, na dila kuma 2,080,000. Naira 160,000 ce ba ka sa a lissafi ba.

Ga yadda abin yake zuwa wa mutum. Ka ɗauka biyan farko ya faɗo ranar Juma'a 2 ga Janairu 2026. Na biyu 16 ga wata, na uku 30 ga wata, duk a cikin Janairu. Daga Fabrairu zuwa Yuni sau bibbiyu ne, har ka saki jiki. Sai Yuli ya zo da 3 da 17 da 31. A waɗannan watanni biyu naira 240,000 za ta fita daga hannunka maimakon 160,000. In ka lura, Yuli a tsarin wata shida shi ne kuma lokacin kuɗin gadi na biyu idan hayar ta fara a Janairu, ga shi tsakiyar damina ce, lokacin da cinikin lemo mai sanyi ke ja baya. Naira 390,000 a wata guda, ban da sarin kaya da albashin yaran shago. Ba tsadar firizar ce ke karya mutum ba a irin wannan hali, haɗuwar ranakun ce.

Don haka ka koma wa dila da tambaya ɗaya tak: jimillar kuɗin firizan nan nawa ne, kuma sau nawa zan biya? In ya ce 2,080,000 sau 26, ka san inda kake, sai ka duba ko farashin ya yi maka. In ya ce 1,920,000, to ko dai sau 24 ne a ranar 1 da 15 ga kowane wata, ko kuma duk mako biyu ne amma bashin zai ƙare kafin shekara ta cika. Ni a wurin mai shago na fi son ranakun wata tsayayyu, domin haya da albashi da kuɗin wuta duk a kan wata suke tafiya. Wanda cinikinsa ke bin ranar kasuwa ko zuwan mota daga Arewa, kamar masu gwari a Mile 12, shi ne mako-mako ya fi yi wa daidai.

Akwai kalmomi biyu da nake ba da shawarar kada ka yarda da su a takarda ko da an fassara maka: *biweekly* da *bimonthly*. Su ƙamus ɗin Turancin ma ma'ana biyu ya ba kowacce, ta farko sau biyu a mako ko duk mako biyu, ta biyu sau biyu a wata ko duk wata biyu. Ba wanda zai ci gardama da su. *Quarterly* kuma duk wata uku ne, sau huɗu a shekara. Huɗun nan ne ke sa wasu su ɗauka duk wata huɗu ake nufi. Sannan ka tuna shekarar takarda ta Miladiyya ce. Da yawa daga cikinmu muna lissafin shekarar ciniki daga Sallah zuwa Sallah, ita kuwa shekarar Hijira ta gaza da kimanin kwana goma sha ɗaya. A cikin shekara goma ratar ta haura wata uku, don haka kada ka ɗaura ranar biyan haya a kan cinikin Sallah.

Abin da za ka nema a gyara ba shi da yawa. Duk inda kalmar lokaci ta fito, a biyo ta da adadi da ranaku, misali a rubuta *every six months, on 1 January and 1 July* a wurin kuɗin gadi, a kuma jera shekarun da za a yi ƙari da adadin hayar kowace a lamba. Ya fi kyau a sake buga shafin gaba ɗaya. In da biro aka gyara, kai da mai filaza ku sa hannu a gefen gyaran, a kowane kwafi, ba naka kaɗai ba.

Ka sa lauyan ya duba sashen notis ma, domin shi ma a kan kalmar lokaci yake tafiya. A dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ta shafi Agege, in takarda ba ta faɗi nata wa'adin ba, mai hayar wata-wata notis ɗin wata ɗaya yake da shi, mai hayar wata uku ko wata shida notis ɗin wata uku, mai hayar shekara-shekara kuma wata shida. Hayar da aka yanke wa wa'adi irin taka tana ƙarewa ne da kanta ranar da wa'adin ya cika, saboda haka a rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa da cikakken kwanan wata, a kuma faɗi wata nawa kafin nan za ka sanar in kana son sabuntawa.