Allon da Alhaji zai duba ya gane a kallo ɗaya

"Oga, na haɗa wa manajanmu allon duba lafiyar aiki a Grafana, na sa masa zane goma sha huɗu, har da CPU da RAM na kowace saba. Ya kalla ya ce da ni: to yanzu lafiya lau ne ko ba lafiya ba? Ina na kuskure?"

Sani, allon nan kai ka yi wa kanka, ba Alhaji manajanku ba. Shi idan ya shigo ofis da safe, abu biyu ne a ransa: mutane na iya biyan kuɗi yanzu? Idan ba sa iyawa, wa ke kan gyaran? CPU ya kai kashi 90 ba ya gaya masa ko ɗaya, domin saba na iya yin zafi alhali kowa na biya lafiya lau, tana kuma iya zama shiru alhali komai ya tsaya.

Kwashe zanen nan ka kai shafi na biyu, naku ne ku masu gyara. A shafin farko bar akwati huɗu, kowanne da sunan abin da kwastoma ke yi: Shiga, Biyan kuɗi, Rasit, Saƙon tes. Su fito duka a fuskar wayarsa ba sai ya ja ƙasa ba.

Wahalar tana wajen launi. Ɗauki akwatin biyan kuɗi. Ka ƙirga waɗanda suka gwada biya a minti 5 da suka wuce, da waɗanda abin ya ƙi:

```
sum(increase(payments_failed_total[5m]))
  / sum(increase(payments_total[5m])) * 100
```

A ce mutum 200 suka gwada, 6 suka kasa, kashi 3 cikin ɗari ke nan. Ni a irin wannan aiki nakan fara da ƙasa da kashi 1 kore, daga 1 zuwa 5 ruwan ɗorawa, sama da 5 ja. Amma kada ka yanke iyakar kai kaɗai. Zauna da Alhaji ka tambaye shi: mutum nawa cikin ɗari za su kasa biya kafin ka so a taso ka daga barci? Amsarsa ita ce ja. Wanda katinsa ba kuɗi ko ya kuskure lambar sirri, kada ka sa shi cikin lissafin, wannan ba laifin na'urarku ba ne.

Da dare lissafin zai yaudare ka. Ƙarfe biyu mutum 4 suka gwada, ɗaya ya kasa, kashi 25, allo ya yi ja jawur a kan mutum guda. Idan haka ta faru sau uku, Alhaji zai daina yarda da jan. Saboda haka idan masu gwadawa ba su kai 20 ba, bar kason, ka sa na'urarka ta riƙa gwada biya da kanta duk minti ɗaya, ka dogara da wannan gwajin. Sai gwajin ya faɗi sau uku a jere akwatin ya zama ja.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne koren ƙarya. Na taɓa yi wa wani kamfani aiki a wajen Ƙofar Ƙaura. Aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare, kwamfutar da ke tattara bayanan ta mutu. Talabijin ɗin bango kuwa yana kan janareta, ya ci gaba da nuna koren da ya gani na ƙarshe. Manaja na zaune da kofin shayinsa yana kallon kore, har sai da wakilinsu na Daura ya bugo waya cewa tun hantsi ba wanda ya iya biya. Kunyar ranar ba ta bar ni ba har yau. Tun daga nan ba na miƙa allo sai da launi na huɗu, ruwan toka, mai rubutun "Ba labari". Bayani ya wuce minti 3 bai sabunta ba, akwati ya koma toka. Duba kuma abin da Grafana ke yi idan ta ce `No data`, kada ya faɗa cikin kore. A can sama ka rubuta lokacin da aka duba na ƙarshe da manyan lambobi.

Kada ka bar launi shi kaɗai, akwai masu idon da ba ya bambance ja da kore. Rubuta kalma a ciki: Lafiya, Tangarɗa, Ya tsaya. A ƙarƙashin ja sa layi ɗaya: tun ƙarfe nawa, kuma wa ke riƙe da gyaran.

Idan ka gama, kashe rasit da gangan a sabar gwaji, ka miƙa wa mai gadin ofis wayar ba tare da bayani ba. Idan ya ce maka rasit ne ya tsaya kafin ka ƙirga biyar, kai wa Alhaji gobe da safe.